Idan SSD ya sauya suna, girmansa ya koma sifili: me ya lalace, me za a iya cetowa?

Yawanci abin ba ya zuwa da sallama. Kwamfuta ta daskare ana tsakiyar aiki, linzami ya ƙi motsi, mai ita ya danne maɓallin kashewa ya sake kunnawa, sai baƙin allo ya tarbe shi da `No bootable device`. Ya shiga BIOS, shafin saitin da ke fitowa kafin Windows ta tashi, don ya ga ko faifan ajiyar kwamfutar, wato SSD, na nan. Yana nan, amma ba da sunan da aka san shi ba. Inda a da ake ganin sunan kamfani da lambar samfuri, yanzu an rubuta `SATAFIRM S11`, ko wani suna mai kama da lambar ƙwayar lantarki, girman da ya kamata ya zama gigabait 240 kuma ya koma sifili, ko megabait 8, ko wani ɗan adadi da bai yi kama da komai ba.

Wanda ya ga haka, tunani biyu ke fara zuwa masa: ko ƙwayar cutar kwamfuta ce ta shiga, ko kuma tun farko jabun kaya aka sayar masa, yau asiri ya tonu. Galibi ba ko ɗaya. Sunan nan da ya bayyana na kwantirolar faifan ne, wato ƙaramar ƙwayar da ke tafiyar da duk harkokinsa, kuma fitowarsa na nufin ta farka ta nemi bayanan da take aiki da su ta rasa. Fayilolin mutum, a mafi yawan lokuta, suna nan kwance cikin ƙwayoyin ajiya. Hanyar isa gare su ce ta toshe. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, gyara faifan da ceto fayiloli ayyuka ne biyu masu karo da juna, kuma kusan duk dabarar da ake yaɗawa ta “dawo da SSD” tana yin na farkon ne ta hanyar hallaka na biyun.

Me ya sa sunan ma yake sauyawa

A buɗe SSD na SATA, abu biyu za a fara gani a kan allon: kwantirola guda ɗaya, da ƙwayoyin NAND inda ake ajiye bayanai. Wasu suna da ta uku, ƙwayar DRAM, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi mai sauri, masu araha kuma ba su da ita. Kwantirolar ƙaramar kwamfuta ce mai cin gashin kanta, tana da manhajarta da ake kira famwaya. Sai dai ɗan guntun wannan manhaja ne kawai aka dasa a cikin kwantirolar, a wurin da ba ya gogewa. Mafi yawanta tana zaune ne a cikin NAND ɗin, a wani keɓaɓɓen yanki da mai amfani ba ya gani, tare da sunan faifan, da lambarsa, da girmansa, da jerin gurɓatattun wurare da aka daina amfani da su.

Saboda haka duk lokacin da wuta ta shigo, sai an bi mataki-mataki. Guntun da ke cikin kwantirola ya tashi, ya je NAND ya ɗauko sauran famwaya, ya karanto suna da girma, ya ɗora taswirar bayanai, sannan ya ce wa kwamfuta ga ni. Idan wani mataki ya gagara, kwantirolar ba ta mutuwa. Tana komawa yanayin kariya, ta amsa wa kwamfuta da ɗan abin da take da shi a hannu, wato sunanta na masana'anta da wani girma na wucin gadi. Shi ya sa sunan ke da amfani ƙwarai ga mai bincike: yana faɗa maka wace kwantirola ce a ciki, kuma tana raye har tana magana.

`SATAFIRM S11` alama ce ta kwantirolar Phison PS3111-S11, wadda ba ta da DRAM a waje, kuma aka sa ta cikin tarin faifai masu araha na kamfanoni daban-daban. Wani lokaci girman yakan fito daidai duk da baƙon sunan, amma faifan ya bayyana tamkar ba a taɓa rubuta masa komai ba. A shekarar 2011 faifan Intel 320 ya yi suna da irin wannan matsala: bayan ɗaukewar wuta ba zato sai ya koma megabait 8, lambarsa ta koma wani rubutu mai farawa da `BAD_CTX`, har kamfanin ya fitar da sabuwar famwaya a shekarar. Faifan da ke da kwantirolar SandForce kuwa sukan fito da kalmar `SandForce` da wasu lambobi a cikin baka. Fuskokin sun bambanta, ciwon iri ɗaya ne.

Taswirar da komai ya rataya a kanta

Nan ne zuciyar maganar, don haka bari in ɗan tsaya.

A tsohon faifai mai juyawa, idan kwamfuta ta ce a ba ta sakta ta 1,000, wato ɗan yankin ajiya mai wannan lamba, akwai wani wuri takamaimai a kan farantin da yake shi ne sakta ta 1,000, jiya da yau da gobe. A SSD babu wannan. Dalili shi ne NAND ba ta yarda a rubuta sabo a kan tsoho. Ana rubutu ne shafi-shafi, shafi guda yakan kai kilobait 16 a ƙwayoyin zamani, amma gogewa sai dai a goge bulo sukutum, kuma bulo ɗaya na ɗauke da ɗaruruwan shafuka. Ga shi kuma kowace gogewa tana cinye kaɗan daga rayuwar bulon. To idan ka gyara jimla ɗaya a takardarka ka adana, kwantirola ba ta komawa inda tsohon yake. Tana rubuta sabon a wani shafi da babu komai, ta sa wa tsohon alamar ya daina aiki, sannan ta gyara rajistarta: sakta kaza yanzu tana ƙwaya kaza, bulo kaza, shafi kaza. Wannan rajista ita ce ake gajarce sunanta da FTL, ni kuma zan ci gaba da ce mata taswira.

A duba girmanta. A tsarin da aka fi sani, kowane yanki na kilobait 4 yana da layinsa a taswira, kowane layi kuma bait 4 ne. Faifai mai gigabait 240 yana da irin waɗannan yankuna kusan miliyan 58 da rabi, ka ga taswirar ta kai kimanin megabait 234. Daga nan aka samo lissafin da aka saba ji, cewa terabait ɗaya na ajiya yana son gigabait ɗaya na DRAM. Kwantirolar da ba ta da DRAM ba ta iya riƙe taswirar duka a lokaci guda. Sai ta riƙa ɗauko yanki daga NAND, ta gyara, ta mayar, ta ɗauko wani, haka dare da rana. Duk mayarwa dama ce ta samun matsala, idan wuta ta yanke a tsakiya, ko shafin da aka rubuta a kai ya gaji.

Idan taswira ta ɓace, abin da ya rage a NAND ba fayiloli ba ne a jere. Hoto guda mai megabait 5 yana iya kasancewa a warwatse cikin ɗaruruwan shafuka a ƙwayoyi daban-daban, gauraye da tsofaffin kwafe da aka riga aka soke. Ƙari a kan haka, kafin a rubuta kowane shafi kwantirola tana hautsina bayanan da wata dabarar lissafi don kada sifili ko ɗaya su taru a wuri guda, ta kuma liƙa masa lambobin gyaran kuskure. Wasu kwantirololin har kulle bayanan suke yi da tsarin ɓoye bayanai na AES ko da mai faifan bai taɓa sa kalmar sirri ba. Ke nan kaya na nan cikin sito, amma littafin da ya san inda aka ajiye kowane ɗauri ya ɓace, ɗaurukan kuma babu rubutu a jikinsu da ido zai karanta.

Mutane sukan ce “famwaya ta lalace” kamar wani kuskuren manhaja ne ya faɗo daga sama. Akwai irin wannan, ba shakka. Faifan Crucial m4 yana da wani kuskure da ke tashi bayan awa 5,184 na aiki, aka gyara shi a farkon 2012. A ƙarshen 2019 kamfanin HPE ya yi gargaɗi cewa wasu faifansa na manyan sabobi za su mutu da zarar sun cika awa 32,768 a kunne idan ba a sabunta su ba. Amma a faifai masu araha da ke komawa baƙon suna, abin da ya fi yawa shi ne NAND ɗin ce ta fara gazawa, lalacewar famwaya ta biyo baya. A ƙwayar TLC, kowane ɗan gurbi yana riƙe da bit 3, wato dole a bambance matakan caji 8 a cikinsa. Da tsufa da zafi matakan sukan zame su kusanci juna, kurakurai su yi yawa har lambobin gyara su kasa. Ranar da hakan ya faɗa kan shafin da ke ɗauke da taswira ko wani sashen famwaya, ranar ce sunan ke sauyawa. Wannan bambanci yana da nauyi wajen ceto, domin idan gajiyar NAND ce ta jawo, to shafukan da ke ɗauke da fayiloli ma ba lafiyayyu ba ne duka.

Abin da za ka iya dubawa da kanka

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Laftof ce mai SSD na SATA, gigabait 240, Windows a kai, akwai takardun aiki da hotuna na shekaru, babu kwafi a ko'ina. Makonni biyu kafin ranar, takan ɗan tsaya na daƙiƙoƙi sannan ta ci gaba. Yau BIOS na nuna `SATAFIRM S11`.

Matakin farko shi ne a kashe ta a ciro faifan. Kada a bar Windows ta shiga gyaran kanta, kada a yi ta kunnawa da kashewa ana fatan sa'a. Sai a haɗa shi kai tsaye da tashar SATA ta wata kwamfuta, da wata waya daban. Na ce kai tsaye da gangan. Akwatunan USB da ake saka faifai a ciki suna da tasu ƙwayar, irin ta JMicron ko ASMedia ko Realtek, kuma idan wannan ƙwaya ba ta ga faifan ba takan bayyana da nata sunan da girma sifili. Mutum sai ya ɗauka famwayar SSD ce ta tafi, alhali akwatin ne, ko wayar, ko ƙarancin wuta. Wannan shi ne labari mafi daɗi da za a iya samu, kuma ba ya cin fiye da minti biyar a tantance shi.

Idan an haɗa, na fi son a duba da Linux da aka tayar daga filasha, saboda ba ta rubuta komai a faifan sai an umarce ta:

```
lsblk -d -o NAME,MODEL,SIZE
sudo smartctl -i /dev/sdb
```

A tabbatar `sdb` ɗin shi ne faifan da ake magana, don harafin yana sauyawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Lafiyayyen faifai mai gigabait 240 yakan nuna bait 240,057,409,536, wato sakta 468,862,128. Idan aka ga sifili ko ɗan ƙaramin adadi tare da baƙon suna, bincike ya ƙare a nan. Idan kuwa girman ya fito daidai, akwai gwaji ɗaya da ya rage, a leƙa farkon faifan:

```
sudo hexdump -C -n 1024 /dev/sdb
```

A faifan da ke da rai, bait biyu na ƙarshen sakta ta farko `55 aa` ne, idan kuma tsarin GPT ne, sakta ta biyu tana farawa da `EFI PART`. Idan abin da ya fito sifili ne zalla, ko wani zane guda da ke ta maimaita kansa duk inda aka leƙa, to kwantirola amsa kawai take yi don kada ta yi shiru, ba daga NAND take ɗebo komai ba.

Daga wannan gaɓa, babu manhajar dawo da fayiloli da za ta yi amfani, komai sunanta. Dukkansu sakta suke roƙa daga faifan su tantance abin da aka ba su. Faifan da ya ce ba shi da sakta ko ɗaya, ko yake miƙo sifili, bai ba su abin tantancewa ba. Awa goma na bincike zai ƙare da fayil sifili, faifan kuma ya sha zafi a banza.

Akwai yanayi guda da mai faifai zai iya ceton kansa. Wani lokaci faifan da ya fara wannan ciwo yakan dawo da sunansa na gaskiya a wata kunnawar. Idan haka ta faru, wannan ba warkewa ba ce, ƙofa ce ta buɗe na ɗan lokaci. Kada a tayar da Windows daga kansa, kada a ce bari a duba lafiyarsa da `chkdsk`. Idan akwai 'yan fayiloli ƙalilan da suka fi komai muhimmanci, a fara kwashe su. Sannan a ɗauki hoton faifan gaba ɗaya, wato cikakken kwafinsa sakta-sakta, zuwa wani faifai da ya fi shi girma; a shiga wata folda ta kan wancan faifan kafin a buga wannan umarni:

```
sudo ddrescue -n /dev/sdb hoto.img hoto.map
```

Amfanin `ddrescue` shi ne yana tsallake wurin da ya ƙi karantuwa, yana kuma rubuta inda ya tsaya a fayil na biyun, don haka idan faifan ya sake ɓacewa ya dawo, daga nan za a ci gaba.

Abubuwan da ke ƙarasa shi

Idan aka haɗa faifan da Windows, `Disk Management` yakan fito da akwatin `Initialize Disk`. A rufe shi. A faifan da ke cikin yanayin kariya rubutun yakan gaza, amma babu dalilin gwadawa, kuma a faifan da ke tsakanin rai da mutuwa yana iya shafe teburin fatishan.

Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne filashin, wato sake rubuta famwaya. Akwai ƙananan manhajoji da ke yawo, wasu na masana'anta ne da suka fita waje, waɗanda ke sake ɗora wa kwantirola famwaya. Suna aiki kuwa: bayan 'yan mintuna faifan ya dawo da suna, ya dawo da cikakken girma. Abin da ba a cika faɗa da ƙarfi ba shi ne, aikin nasu shi ne su mayar da faifan kamar ranar da ya fito daga masana'anta, da sabuwar taswira wadda babu komai a cikinta, bulo-bulon kuma a goge su ko a sa su a layin gogewa. Haka abin yake a Intel 320: umarnin `Secure Erase` yana dawo da girman daga megabait 8, amma da asarar duk abin da ke ciki. Mai gyaran da ya ce maka “na tayar da shi, sai dai babu komai a kai” bai yi ƙarya ba. Ya amsa tambayar da ba ita ka kawo ba ne, kuma bayan wannan babu ƙwararren da zai iya komai. Don haka kafin ka miƙa faifanka ga kowa, ka faɗa da bakinka: bayanan nake so, ba faifan ba, kada a yi filashin, kada a yi fomatin.

Sauya kwantirola da ta wani faifai irinsa, dabarar da aka gada daga sauya allon tsofaffin faifai, ba ta da amfani a nan. Sabuwar za ta je NAND ɗin nan ta tarar da lalatattun shafukan nan, ta koma yanayin kariya kamar ta farko. Gasa allo da iska mai zafi ko saka shi a firiza kuwa, ƙarin ciwo ne kawai.

Yadda masu ceton bayanai ke shiga

Ƙwararru ba sa gyara faifan. Lallaɓa kwantirolar suke yi ta ba su hanya. Da na'ura irin PC-3000 ta kamfanin ACE Lab, sukan haɗa wasu ɗigo biyu a kan allon yayin ba shi wuta, abin da ke hana kwantirola ƙoƙarin ɗauko lalatacciyar famwaya daga NAND. Sai su tura mata wata ƙaramar manhaja ta musamman zuwa ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, ba tare da an rubuta ko bait ɗaya a NAND ba. Da wannan manhaja kwantirola za ta karanto shafuka, ta warware hautsinawar da ta yi da kanta, ta yi gyaran kuskure da injinta.

Sannan a sake gina taswira, a kan kwamfutar mai aikin, ba a kan faifan ba. Abin da ke sa hakan ya yiwu shi ne kwantirola tana barin sawu: akwai ragowar guntayen taswira a yankin famwaya, akwai kuma bayanan hidima da ke rakiyar shafuka, masu nuna wace sakta ce wannan da kuma wanne kwafi ya fi sabunta. A tattara su, a jera, a zaɓi na baya-bayan nan a duk inda aka sami kwafi biyu. Idan taswira ta tsaya, sai a ɗauki hoton faifan ta cikinta. Shafin da ya ƙi karantuwa a sake gwada shi ana ɗan matsar da ma'aunin wutar karatu sama ko ƙasa, har a dace da inda cajin ya zame. Wannan sashe ne ke cin lokaci, yana iya ɗaukar kwanaki.

Ɗayar hanyar, ta ciro ƙwayoyin NAND a karanta su a waje, ta yi amfani sosai a filasha da tsofaffin katunan ajiya. A SSD na zamani ta yi rauni ƙwarai, saboda gyaran kuskure na LDPC yana son kwantirolar da kanta, idan kuma akwai kullen AES to abin da za a karanto tarkace ne. Shi ya sa faifan SandForce, waɗanda ke matse bayanai su kuma kulle su, suka yi ƙaurin suna wajen wuyar ceto.

Ke nan tambayar farko da ke yanke hukunci ita ce wace kwantirola ce, kuma akwai manhajar shiga da aka ƙera mata? Phison S11 da dangin Silicon Motion irin SM2258XT suna cikin waɗanda aka daɗe da sanin hanyarsu. Sababbin faifan NVMe da yawa, wato nau'in SSD da ya fi na SATA sauri, musamman waɗanda kamfani ya ƙera kwantirolarsa da kansa, ba su da wannan hanya. Sunan da ke jikin kwali ba ya wadatarwa, domin samfuri ɗaya, kamar Kingston A400, ya fito da kwantirola daban-daban a lokuta daban-daban. Sai an ga lambar da ke jikin ƙwayar, ko baƙon sunan da faifan ya bayar.

Me ake samu a ƙarshe

Mu koma kan laftof ɗinmu. Kwantirolarta sananniya ce, ba a yi filashin ba, an kashe ta da wuri. A irin wannan hali akwai kyakkyawan fata, kuma abin da ke dawowa yakan zo da tsarinsa, folda da sunayen fayiloli yadda aka bar su. Amma “an ceto” ba ya nufin komai da komai, kuma gara a san inda giɓin yakan faɗo.

Aikin kwanakin ƙarshe shi ya fi shiga haɗari. Abin da aka rubuta dab da mutuwar faifan mai yiwuwa bai samu shiga taswirar da aka adana ba, sai fayil ya dawo a tsohon kwafinsa, ko rabi sabo rabi tsoho. Girman fayil ma yana da tasiri. A ce shafi ɗaya cikin kowane 10,000 ya gagara karantuwa. Takarda mai kilobait 50 shafuka huɗu kawai ta mamaye, da wuya ƙwarai abin ya same ta. Fayil mai gigabait 4 kuwa ya mamaye shafuka sama da 250,000, don haka a sa ran ramuka ashirin da wani abu a cikinsa. Idan bidiyo ne, zai ɗan yi tsalle ya wuce. Idan matsattsen fayil ne irin ZIP, ko rumbun bayanai, ko akwatin wasiƙu, rami ɗaya na iya hana shi buɗewa. Shi ya sa adadin da aka ce an karanto, ko da ya haura kashi 99 cikin ɗari, ba shi ne abin dubawa ba. A nemi jerin fayilolin da suka taɓu, a buɗe waɗanda aka damu da su ɗaya bayan ɗaya kafin a ce an gama.

Fayilolin da aka goge tun kafin faifan ya mutu, a cire rai da su. Da zarar an goge fayil, Windows takan aika wa SSD umarnin TRIM, kwantirola ta cire shi daga taswira, sannan ta share bulon idan ta samu sarari. Idan kuma faifan yana kulle da BitLocker, tsarin kulle faifai na Windows, wanda laftof da yawa ke zuwa da shi a kunne ba tare da mai ita ya lura ba, hoton da aka ɗauka zai fito a kulle, sai da mabuɗin ceto mai lamba 48. Yakan kasance a asusun Microsoft na mai kwamfutar ko wurin ma'aikatarsa, kuma ya kamata a nemo shi tun kafin a kai faifan ko'ina. Babu shi, ko an karanto kowace sakta lafiya lau, ba a samu komai ba.

Jinkiri ma yana da iyaka. Ajiye faifan a kashe na 'yan makonni kafin a samu mai aikin ba laifi ba ne, ya fi a bar shi a kunne. Amma caji yana zurarewa daga NAND a hankali ko babu wuta. Ƙa'idar JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin ƙwayoyin lantarki, ta nemi faifan amfanin yau da kullum da ya cinye adadin rubutunsa ya riƙe bayanai shekara ɗaya a kashe a zafin digiri 30, kuma ƙarin zafi na rage wannan wa'adi. Faifan da gajiyar ƙwayoyinsa ce ta kayar da shi ba shi da tabbacin ko wannan shekarar, don haka a ajiye shi wuri mai sanyi marar danshi, kada kuma a jefa shi cikin durowa da niyyar wata rana.

Idan kuwa akwai kwafin komai a wani wuri, ko abin da ke ciki bai kai a wahala a kansa ba, to filashin ya halatta, ko a mayar da faifan idan garantinsa bai ƙare ba. Ni dai ba zan sake ɗora abin da nake ji da shi a kan faifan da aka tayar ta wannan hanya ba. Filashin yana sabunta famwaya da taswira, amma ƙwayoyin NAND ɗin da suka kasa riƙe ta farko su ne dai za a ba ajiyar ta biyu.